Jarrabawar Kwamfuta Mai Bin Sawun Amsarka: Yadda Take Zaɓen Tambaya, da Yadda Ya Kamata Ka Raba Lokacinka

Ba kowace jarrabawar da ake yi a kwamfuta ce ke sauya tambayoyinta ba. Da yawa takardar da aka saba ce kawai aka ɗora a allo: an riga an tsara tambayoyin tun kafin ka zauna, ko ka ci ko ka faɗi ba abin da zai canza. Wadda muke magana a kanta daban ce. A cikinta, tambayar da za ta fito maka nan gaba ba a yanke ta ba tukuna, sai na'ura ta ga abin da ka yi da wadda ke gabanka. Idan ka amsa daidai ta ƙara maka nauyi, idan ka kuskure ta ɗan sassauta. Haka GMAT take, wadda masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci ke rubutawa, haka kuma NCLEX, jarrabawar lasisin ma'aikatan jinya a Amurka da Kanada.

Kusan duk wanda ya shirya wa irin wannan jarrabawa ya san wannan bayani na sama-sama. Abin da ke damuna shi ne, daga wannan ɗan sanin ne mutane ke ƙirƙiro dabarun da ke cutar da su, musamman wajen rabon lokaci. Sai ka ga ɗalibi mai ƙoƙari ya ƙone rabin lokacinsa a tambayoyin farko don an ce masa su ne komai, ya zo ƙarshe yana danna amsa ido rufe. Wanda ya fahimci lissafin da ke ƙarƙashin na'urar ba zai yi haka ba, kuma lissafin ba mai wuyar ganewa ba ne.

Tunanin ya girmi kwamfuta. Gwajin basira da Alfred Binet ya fitar a Faransa a 1905, mutum ne ke yi wa yaro shi baki da baki, kuma irin wannan gwajin ya ginu ne a kan mai gwajin ya lura da inda yaron ya fara gazawa, kada ya ɓata lokaci a kan abin da ya yi masa sauƙi ƙwarai ko ya fi ƙarfinsa nesa. Dalilin a fili yake. Idan ka tambayi ɗalibin jami'a biyu a tara da biyu ya ce huɗu, ba ka ƙaru da komai game da shi ba, don tun kafin ya buɗe baki ka san zai ci. Idan ka ba shi matsalar da ta gagari malamansa ya kasa, nan ma ba ka ƙaru ba. Tambayar da ke fallasa matsayin mutum ita ce wadda ba ka da tabbacin zai ci ko zai faɗi. Wannan ita ce tambayar da na'ura ke farauta a kowane zagaye.

Don ta iya hakan, sai an riga an auna kowace tambaya da ke rumbunta. Ana gwada tambaya a kan ɗimbin masu jarrabawa tukuna, a ga su wa ke cin ta, su wa ke faɗuwa, sannan a liƙa mata lambar da ke nuna tsaurinta. Hikimar ita ce, tsaurin tambaya da ƙwarewar mutum a kan ma'auni ɗaya ake ɗora su. Sifili shi ne tsaka-tsaki, abin da ya haura sifili ya fi tsauri ko ya fi ƙwarewa, abin da ya gaza sifili kuma akasin haka, kuma yawancin mutane suna faɗawa tsakanin -3 da +3. Mafi sauƙin tsarin da ke haɗa biyun shi ne wanda Georg Rasch, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, ya wallafa a 1960:

```
P = 1 / (1 + e^(b - θ))
```

A nan θ ita ce ƙwarewar mutum, b tsaurin tambaya, P kuma yiwuwar ya amsa daidai. Ba sai ka haddace shi ba, abu uku kawai za ka riƙe. Idan ƙwarewarka da tsaurin tambayar sun zo daidai wa daida, damar cinka kashi 50 ce cikin 100. Idan ka fi tambayar da mataki ɗaya, damar ta kai kusan kashi 73. Idan ita ta fi ka da mataki ɗaya, ta sauko kusan kashi 27. Tunda na'ura tambayar da ta yi daidai da kai take nema, to kullum tana ƙoƙarin ajiye ka ne a inda za ka ci kusan rabi ka faɗi kusan rabi. A jarrabawar da ake zaɓen amsa cikin biyar, inda canki-canka kan taimaka, adadin yakan ɗan ɗaga zuwa wajen kashi 60, amma maganar ba ta canza ba.

A tsaya a nan a yi tunani, don wannan shi ne abin da ya fi girgiza mutane a ɗakin jarrabawa. Ɗalibin da ya saba cin kashi 90 a makaranta ya saba da wani irin jin daɗi yayin rubutu: ya karanta tambaya, ya gane ta, ya amsa, ya wuce. Wannan jarrabawar an gina ta ne don ta hana shi wannan jin daɗin. Kamar gasar tsallake sanda take: duk wanda ya haye sai a ɗaga masa, har zakaran gasar ma da ture sanda yake ƙarewa. Saboda haka jin cewa tambayoyi sun yi maka tsauri ba alamar kana faɗuwa ba ce. Mai rauni yana jin tsauri, gwani ma yana jin tsauri, kowa a matakinsa.

Bari mu bi na'urar mataki-mataki da wani misali da na sauƙaƙa, na tsarin Rasch zalla. Manyan jarrabawa suna ƙara wasu abubuwa a kai, kamar yadda tambaya ke bambance gwani da mai rauni da kuma yiwuwar a ci ta da canke, amma yanayin tafiyar iri ɗaya ne.

Wata ɗaliba ta zauna. Na'ura ba ta san ta ba, sai ta ɗauke ta a matsayin tsaka-tsaki, wato 0, ta ba ta tambaya mai tsaurin 0. Ta ci. Ƙiyasin da na'ura ke yi wa ƙwarewarta ya tashi zuwa 0.40. Aka ba ta tambaya mai tsaurin kusan 0.40, ta sake ci, ƙiyasin ya koma 0.73. Ta uku mai tsaurin 0.73 ta kayar da ita, ya sauko 0.45. Ta huɗu ta ci, ya hau 0.70. Ta biyar ta faɗi, ya dawo 0.48. Dubi girman takun da na'urar ke yi: 0.40, sai 0.33, sai 0.28, sai 0.25, sai 0.22. Kullum raguwa yake. In an kai tambaya ta goma bai wuce 0.14 ba, a ta ashirin kuma wajen 0.08 ne kacal.

Daga wannan raguwar ne aka samo shahararriyar maganar nan cewa tambayoyi goma na farko su ke yanke maki, sauran cikon benci ne. Wanda ya kalli lambobin nan zai ga kamar gaskiya ce, tunda amsar farko ta motsa ƙiyasi ninki biyar na yadda ta ashirin ta motsa shi. Amma an fahimci abin a baibai. Takun farko yana da girma ne saboda a lokacin na'ura ba ta da wata shaida a hannu sai wannan amsa guda. Ba wai ta rubuta 0.40 ta ajiye a asusunka har abada ba. Bayan kowace sabuwar amsa, takan koma ta sake lissafi da duk amsoshin da ka bayar tun daga farko, ta tambayi kanta: wane matakin ƙwarewa ne ya fi dacewa da wannan jerin ci da faɗuwa a kan waɗannan tambayoyi? A wannan lissafin na ƙarshe ba a duba wace tambaya ce ta zo farko, wace ce ta zo ƙarshe. Mutum biyu da suka sami tambayoyi iri ɗaya, suka ci iri ɗaya suka faɗi iri ɗaya, ƙiyasinsu ɗaya ne ko da an juya musu jerin.

Abin da amsoshin farko ke yi da gaske shi ne zaɓar hanyar da za ka fara bi. Idan gwani ya kuskure biyun farko, za a ba shi masu sauƙi, zai ci su a jere, ƙiyasin ya sake hawa. Ya ɗan yi asara, don wasu daga cikin tambayoyinsa sun tafi wajen hawowa, kuma ga wanda ke neman ƙololuwar maki a gajeriyar jarrabawa wannan asarar tana iya barin tabo. Ban raina ta ba. Amma akasin haka ma gaskiya ne, kuma shi ne ba a cika faɗa ba: wanda ya yi ta fama har ya ci tambayoyin farko da suka fi ƙarfinsa, na'ura za ta kai shi inda ba zai iya zama ba, ya yi ta faɗuwa har ya gangaro matsayinsa na gaskiya. Ba a yi wa wannan tsarin wayo da tambaya goma.

Yanzu mu sa agogo a cikin lissafin. A tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023, sashen lissafi tambaya 21 ne cikin minti 45, wato kusan minti 2 da sakan 9 ga kowace tambaya. Ba a tsallake tambaya, sai ka ba da amsa kafin ta gaba ta fito.

A ce ɗalibi ya shiga da aƙidar nan ta goman farko. Ya ba kowace ɗaya minti 3, yana sake dubawa, yana sake lissafi. Minti 30 sun tafi, saura minti 15 da tambaya 11. Ya dawo hayyacinsa ya yi shida a kan minti bibbiyu, 12 sun sake tafiya. Yanzu ga tambaya biyar a gabansa, ga minti 3 a agogo. Ba abin da ya rage sai canke. Da zaɓi biyar, abin da ake tsammani shi ne ya dace da ɗaya cikin biyar ɗin. Da ya same su da isasshen lokaci, tunda a matakinsa suke, da ya ci biyu ko uku. Asararsa ke nan wajen amsa ɗaya da rabi, kuma a misalinmu na tambaya 21 kowace amsar da ta juya daga daidai zuwa kuskure tana rage wajen 0.16 a ƙiyasin ƙarshe, a farko take ko a ƙarshe. Wato ya zubar da kusan 0.24. To me ya saya da ƙarin lokacin da ya zuba a farko, kusan minti tara? Sai in ƙarin ya juya masa amsa biyu daga kuskure zuwa daidai kafin a ce cinikin ya biya. Duk wanda ya taɓa zama da tambayar lissafi ya san minti na uku ba kasafai yake kawo abin da na farko da na biyu suka kasa kawowa ba. Yawanci ko dai ka riga ka samu amsar kana ta tabbatarwa ne kawai, ko kuma ba ka ga hanyar ba kana ta zagaye wuri ɗaya.

Akwai kuma wani ɗaci a ƙarshen nan. Yayin da yake canke yana kuskurewa, na'ura tana sassauta masa, tana miƙo masa tambayoyin da suka fi sauƙi, waɗanda da zai ci cikin ruwan sanyi in da lokaci. Ita kuwa abin da ke shiga lissafin makinta shi ne daidai ko kuskure. Faɗuwa a tambaya mai sauƙi ta fi faɗuwa a mai tsauri ciwo, don ita ce ta fi saɓa wa zaton cewa kai gwani ne. In kuma lokaci ya ƙare da sauran tambayoyin da bai taɓa ba, GMAT tana rage maki a kan hakan. Don haka ko a mafi munin hali, gara a danna wani abu da a bar fili.

Wani abin da ya kamata masu ƙoƙari su sani: su ne agogo ya fi matsa wa. A jarrabawar takarda gwani yakan share tambayoyi masu sauƙi cikin sakan talatin-talatin, ya tara rarar lokaci ya kashe a kan masu tsauri. A nan babu wannan rarar, don bayan 'yan tambayoyin farko na'ura ta daina ba shi masu sauƙin. Tambaya mai tsauri kuwa galibi ta fi cin lokaci, ta fi yawan matakai, ta fi buƙatar a karanta a tsanake. Ke nan yadda kake ƙara ci, haka lokacinka ke ƙara tsada. Wanda ya yi atisaye da littafi kawai, inda tambayoyi ke gauraye, zai ɗauka saurinsa ya isa, sai ranar jarrabawa ya ga ba haka ba. Shi ya sa gwajin da ya cancanci a auna sauri da shi shi ne wanda shi ma yake sauyawa da amsa, kuma a yi shi da agogo ba tare da dakatawa ba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da wannan sashen mai tambaya 21 shi ne a raba shi uku, a daina kallon agogo bayan kowace tambaya. Idan ka gama ta 7, ya kasance saura wajen minti 30. Idan ka gama ta 14, saura wajen minti 15. Tsakanin waɗannan tashoshin, wata tambayar za ta ci minti ɗaya, wata uku, ba laifi. In ka iso tasha ka ga kana baya da minti ɗaya ko biyu, ci gaba da tafiyarka. In gibin ya kai minti huɗu, kada ka ce za ka gaggauta duk bakwai ɗin da ke tafe, don gaggawar da aka shimfiɗa a kan kowace tambaya ita ke jawo kuskuren ganganci a kan waɗanda ka iya. Gara ka zaɓi biyu da ka ga tun daga karatun farko ba fagenka ba ne, ka cire zaɓin da ya fito fili ba shi ba ne, ka canka cikin sakan ashirin ko talatin, ka biya bashin a dunƙule. Ka tuna an riga an tsara za ka faɗi da yawa. Abin da ke hannunka shi ne waɗanne za ka faɗi, da kuma nawa za su ci maka na lokaci.

Ta yaya mutum zai gane tambayar da ya kamata ya saki? Alamar da na fi yarda da ita ita ce wannan: bayan kamar minti ɗaya, shin kana da hanya ko ba ka da ita? Idan ka san matakan da za ka bi, aikin ne kawai ke da tsawo, ƙarasa ko da za ta kai minti uku. Idan kuwa kana karanta tambayar karo na uku, takardar lissafinka ba komai sai lambobin da ka kwafo daga allo, to ka sake ta. Mafi haɗari ita ce wadda ka riga ka zuba wa minti uku, zuciya tana ce maka ai ba a bari yanzu bayan wannan wahalar. Mintunan da suka tafi sun tafi, waɗanda ake ƙoƙarin ceto su ne na tambayoyin da ba ka gani ba tukuna.

Sabon tsarin GMAT ya ɗan rage zafin wannan saki. Kana iya yi wa tambaya alama, kuma in ka amsa duka da sauran lokaci, za ka iya komawa ka duba, ka canza amsa har uku a kowane sashe. A lura da sharaɗin: sai ka kai ƙarshe da rarar lokaci. Wanda ya ƙone lokacinsa a farko ba zai ma ga wannan ƙofar ba.

Sai kuma ɗabi'ar karanta na'ura, wato mutum ya ga tambaya mai sauƙi gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan na kuskure ta baya. Wannan ɓata hankali ne kawai, don tsauri ba shi kaɗai na'ura ke dubawa ba. Dole ta cika rabon fannoni, ta tabbatar kowane ɓangaren manhaja ya samu kasonsa, ko da tambayar da ke akwai a fannin ba ta yi daidai da matakinka sosai ba. Dole kuma ta hana wasu tambayoyi fitowa fiye da kima don kada su bazu a hannun jama'a, saboda haka wani lokaci da gangan take barin wadda ta fi dacewa ta ɗauki ta kusa da ita. Ga kuma sababbin tambayoyin da ake gwadawa, waɗanda ba sa shiga maki kuma ba a nuna maka su. A NCLEX guda 15 ne irinsu. Ƙari a kan haka, tsaurin da aka liƙa wa tambaya daga amsoshin jama'a aka samo shi. Abin da ya wahalar da yawancin mutane yana iya zama fannin da kai ka fi iyawa, kuma tambayar da ta yi kama da mai sauƙi tana iya ɗauke da tarkon da ya sa ta zama mai tsauri.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya shafi jarrabawar da ke sauyawa bayan kowace tambaya kuma adadin tambayoyinta a ƙayyade yake. Akwai wasu iri biyu, kuma wanda ya ɗauki dabarar wannan ya kai can zai yi kuskure.

Na farko su ne masu sauyawa zubi-zubi. GRE, wadda masu neman karatun gaba da digirin farko ke rubutawa, ta koma wannan tsarin a 2011, SAT ta kwamfuta, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, ma haka take. A lissafin SAT zubi biyu ne, kowanne tambaya 22 cikin minti 35. Zubin farko gauraye yake da masu sauƙi da masu tsauri, kuma yadda ka yi a cikinsa gaba ɗaya shi ke yanke ko zubi na biyu zai zo da tsauri ko da sauƙi. Sau ɗaya tak na'ura ke yanke hukunci. A cikin zubi kana da 'yancin tsallakewa da dawowa da canza amsa, don haka tsohuwar dabarar takarda tana aiki: zagayen farko ka kwashe waɗanda ka iya, na biyu ka koma wa masu taurin kai, kafin lokaci ya cika ka cike duk gurbin da ya rage tunda ba a rage maki don kuskure. Lokacin da ka rage a zubin farko ba ya bin ka zuwa na biyu, saboda haka ba amfanin gamawa da wuri. A kashe shi wajen dubawa. A nan kam zubin farko yana da nauyi na musamman, don wanda aka tura zubi mai sauƙi ba zai kai ƙololuwar maki ba. Wanda kuma aka tura mai tsauri ya sa a ransa cewa minti 35 ɗin nan na biyu ba za su yalwata kamar na farko ba.

Na biyu su ne waɗanda tsawonsu ba a ƙayyade yake ba, kamar NCLEX. Ita ba maki take nema ta jera mutane ba, tambaya ɗaya take son amsawa: wannan mutumin yana sama da layin cancanta ko yana ƙasa? A tsarin da aka fara a Afrilun 2023, mafi ƙaranci tambaya 85 ne, mafi yawa 150, lokaci kuma awa biyar har da hutun da mutum ya ɗauka. Da zarar an kai mafi ƙarancin kuma na'ura ta samu tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa kana sama ko kana ƙasa da layin, sai ta rufe. Ke nan rufewa a 85 tana iya zama ci bayyananne, tana iya zama faɗuwa bayyananniya. Wucewa 85 kuma ba ta nufin komai sai cewa kana kusa da layin, har yanzu ƙofa a buɗe take.

Rabon lokaci a nan sai a gina shi a kan 150, ba a kan 85 ba. Minti 300 a raba wa tambaya 150, minti bibbiyu ke nan, kafin a cire hutu. Wanda ya sa a ransa zai tashi a 85, ya yi ta jan ƙafa, in ta 86 ta fito sai hankalinsa ya tashi sau biyu: ga tsoron ya faɗi, ga agogo. Amma ga inda ta bambanta da GMAT ƙwarai. Idan lokaci ya ƙare maka a NCLEX bayan ka amsa mafi ƙarancin da ake buƙata, ana yanke hukunci ne da ƙiyasin ƙwarewarka na ƙarshe, daga amsoshin da ka riga ka bayar. In ba ka kai mafi ƙarancin ba, faɗuwa ce kai tsaye. Saboda haka ma'aikaciyar jinyar da ke kan tambaya ta 130 da saura minti goma ba ta da dalilin tsere don ta kai 150. Kasancewarta a wurin ya nuna tana dab da layin, kuma jerin canke na ƙarshe shi ne daidai abin da zai iya tura ƙiyasinta ƙasa da shi. Abin da ya fi mata shi ne ta amsa huɗu ko biyar a natse, agogo ya cika a inda ya same ta.